Yadda Ake Ba Wanda Ya Makara Labarin Gardama

In an yi zaman sulhu a ƙofar mai gari, ba kowa ke zuwa tun farko ba. Wani yana gona, wani ya tafi kasuwa Maradi, wani kuma daga nesa aka aika masa. Yana isowa zai tarar an daɗe ana magana, murya ta yi sama, kowa ransa a ɓace. Yana zama sai ya yi tambaya: "Jama'a, ina aka kwana?"

Wanda zai amsa wannan tambaya ya ɗauki kaya mai nauyi. Abin da baƙo ya fara ji, shi ke zama cikin kansa. In an ba shi labari a karkace, duk abin da zai ji daga baya a karkace zai ji shi. Sau da yawa kuma wanda ya makara babban mutum ne, wanda ake jiran maganarsa don a kashe wuta.

A ƙauye, wanda ya iya rubutu shi aka fi ɗora wa wannan aiki. Ɗan'uwa mai karatu, tun da ka fara riƙa biro, wata rana kai za a kalla a ce: "Tashi ka gaya masa abin da aka yi." Wannan darasi zai nuna maka yadda ake yi.

Me ya sa abin ya shafe mu

Ƙasar Sarkin Yamma tana cikin gundumar Madarunfa, jihar Maradi, kusa da garin Maradi. Ƙasar noma ce, mutane sun yi yawa, gonaki sun haɗe da juna. Ƙasar kiwo ce kuma, dabbobi suna ratsa ta, su gangara kudu, su komo arewa. In kaka ta yi, an yanke hatsi amma wake yana gona, nan ne aka fi samun rigima tsakanin manomi da makiyayi.

Hukuma takan sa ranar sakin gonaki kowace shekara. Kafin ranar, ba a yarda dabba ta shiga gona ba. Akwai kuma burtali, wato hanyar dabbobi, wadda ba a yarda manomi ya nome ta ba. Kun ga ke nan kowane ɓangare yana da haƙƙi, kowane kuma yana iya shiga haƙƙin ɗan'uwansa.

Mutanen jihar Maradi sun san inda irin wannan rigima ke kaiwa in ba a tare ta ba. A shekarar 1991, a garin Toda, faɗa tsakanin manoma da makiyaya ya ci ran mutane fiye da 100, galibinsu mata da yara.

A shekarar 1993 gwamnatin Nijar ta fito da dokar tsarin karkara. Dokar ta ce kafin a kai rigimar gona ko ta kiwo gaban alƙali, dole a fara neman sulhu wurin sarakunan gargajiya. Ta ce kuma a rubuta abin da sulhun ya haifar cikin takarda. Dokar kiwo ta shekarar 2010 ta ƙara da cewa a zauna sulhu tsakanin manoma da makiyaya da wakilan ɓangarorin biyu daidai wa daida. Saboda haka maganar da ake yi a ƙofar mai gari ba fira ba ce. In ba a shirya ba, takardar za ta wuce wurin sarki, daga can ta wuce wurin alƙali. Su ma ba su nan lokacin da aka yi gardamar. Su ma masu makara ne, kuma abin da aka taƙaita musu shi za su fara gani.

Ga wani misali

Bari mu ɗauki misali. Ba labarin wani mutum takamaimai ba ne, amma kowa ya san irinsa.

Wani manomi ya kawo ƙara wurin mai gari. Ya ce shanun wani makiyayi sun ci masa wake. An kira makiyayin, an zauna tun hantsi. Har azahar ta yi ba a gama ba.

Mai gona ya ce da dare aka shigo da shanun, kuma da gangan. Ya ce shanun sun kai 40. Ya ce ya yi asarar wake tiya 60 da harawa dami 30. Yana neman jikka 60.

Makiyayi ya ce ba da dare ba ne, da magariba ne, lokacin da ɗansa ke komowa da shanu daga mashaya. Ya ce waɗanda suka shiga ba su wuce 5 ba. Ya ce mai gona ne ya nome gefen burtali har hanya ta ƙuntata. Ya ce kuma ɗan mai gona ya bugi yaronsa da sanda. Ya ce zai iya biyan jikka 15.

Cikin wannan, an yi ta katse juna. An tono wata tsohuwar rigima ta rijiya wadda aka kashe shekarun baya. Wani ya zagi wani, an tashi tsaye, dattawa suka zaunar da su. Bayan an yi salla, sai ga arɗo ya iso tare da malamin gona. Mai gari ya dubi mai rubutu ya ce: "Malam, ba su labarin inda muka tsaya."

Labari biyu masu karkata

Da ɗan'uwan mai gona ne ya tashi, ga irin abin da za a ji:

"Ranka shi daɗe, wannan mutum ya saki shanunai cikin gonar bawan Allah, sun cinye wake ƙaf. Ya amsa laifinai, amma wai jikka 15 kawai za ya biya. Yanzu kuma ya ɓullo da zancen burtali."

Da kuma abokin makiyayi ne ya tashi, sai a ji:

"Ranka shi daɗe, mutumen ga ya cinye burtali, shanu ba su da wurin bi. Ƴan shanu 5 suka ɗan taɓa mishi wake, shi ne har da bugun yaro. Yanzu wai jikka 60 shika so."

Ku lura da kyau. Cikin su biyun babu wanda ya ƙago sabon abu. Duk abin da suka faɗa, an faɗe shi a wurin zaman. Amma kowanne ya ɗauki maganar nasa ya mai da ita tabbas, ya ɗauki ta wancan ya mai da ita abin dariya. Kowanne kuma ya binne wani abu. Na farko bai ambaci bugun yaro ba. Na biyu bai ce ba a saki gonaki ba tukuna. Arɗo bai ji shaida ko ɗaya ba, amma an riga an yanke masa hukunci cikin kunne.

Raba magana kashi huɗu

Gardamar yini guda kamar hatsi ne da ƙaiƙayi. Sai an sheƙe kafin a auna. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce tun ana cikin magana ka ɗauki takarda ka raba ta gida huɗu.

Gida na farko: a kan me ake gardama? Rubuta shi cikin jimla ɗaya wadda kowa zai yarda da ita. A misalinmu: "Ɓarnar wake a gona, da kuɗin da za a biya."

Gida na biyu: me duka biyun suka yarda da shi? Wannan gida shi aka fi mantawa, don masu faɗa ba su lura da inda bakinsu ya zo ɗaya ba. Amma in ka saurara da kyau za ka samu. Mai gona da makiyayi duk sun yarda shanu sun shiga. Sun yarda da ranar da abin ya faru. Sun yarda ba a saki gonaki ba tukuna. Sun yarda gonar tana bakin burtali. Har ma sun yarda za a biya wani abu, tun da ɗaya ya ce 60, ɗaya ya ce 15. Abu 5 ke nan da babu gardama a kansu.

Gida na uku: ina suka saɓa? Nan sai ka ja layi tsakiyar gidan. Hannun dama maganar mai gona, hannun hagu maganar makiyayi. Kowace magana ka sa ta daura da kishiyarta. Dare yana daura da magariba. Shanu 40 suna daura da shanu 5. Jikka 60 tana daura da jikka 15. In ka ga wani wuri babu komai daura da shi, to wani bai ba da amsa ba ke nan. Kada ka cika masa wurin da tunaninka. Ka ce: "A kan wannan bai ce komai ba tukuna."

Gida na huɗu: me ya rage a yi? A misalinmu, ba a je an ga gonar ba. Ba a duba iyakar burtali ba. Ba a ji ta bakin yaran biyu ba. Wannan gida shi ya fi yi wa mai makara amfani, don shi ke nuna masa inda zai sa hannu.

Duk maganar da ba ta sami wuri cikin gidajen nan huɗu ba, ƙaiƙayi ce. Tsohuwar rigimar rijiya ba ta shiga ba, don an riga an kashe ta. Zagi ma bai shiga ba.

Labarin da ya miƙe

Yanzu ga yadda mai rubutu zai faɗa, yana duban takardarsa:

"Allah shi ba ka nasara, arɗo, sannu da zuwa. Malam, sannu da hanya. Tun hantsi muna nan bisa zancen ɓarnar wake da abin da za a biya.

"Ga abin da su biyun suka yarda da shi. Shanu sun shiga gonar shekaranjiya. Ba a saki gonaki ba tukuna. Gonar tana bakin burtali. Kuma kowannensu ya ambaci kuɗin biya.

"Ga inda suka saɓa. Mai gona ya ce da dare ne kuma da gangan. Mai shanu ya ce da magariba ne, suna komowa daga mashaya. Mai gona ya ce shanu sun kai 40. Mai shanu ya ce 5 ne. Mai gona ya ce ya rasa wake tiya 60 da harawa dami 30, yana neman jikka 60. Mai shanu ya ce zai biya jikka 15. Mai shanu ya ce an nome gefen burtali. Mai gona ya ce iyakarsa tana inda take tun zamanin mahaifinsa. Mai shanu ya ce an bugi ɗansa da sanda. A kan wannan mai gona bai ce komai ba tukuna.

"An yi musayar zafafan kalmomi daga ɓangarorin biyu, dattawa sun tsawata, an zauna.

"Abin da ya rage: ba a je gonar ba, ba a duba iyakar burtali ba, ba a ji ta bakin yaran ba. Nan muka tsaya."

Wannan bayani bai kai minti 3 ba, ga shi ya ɗauke maganar rabin yini. Arɗo ya san abin da ke tabbas, ya san abin da ake ja a kai. Malamin gona ya san aikinsa shi ne ya je ya auna ɓarna. Amma babu wanda zai iya cewa ga inda zuciyar mai rubutu ta karkata.

Ku duba yadda ya jera maganar. Ya fara da inda aka yarda, don in mutane sun ji ashe akwai abin da suka haɗu a kai, zuciya takan ɗan sauka. Ya ba mai ƙara farko, kamar yadda aka saba, amma da aka zo kan ƙorafin makiyayi sai ya ba makiyayi farko. Kuma bai zuba duk maganar mutum ɗaya ba kafin ya koma kan ɗayan. Ya bi su batu bayan batu. In ka ba ɗaya jimla 10 ka ba ɗaya jimla 2, ka yi son kai ko da kowace jimla gaskiya ce.

Ƙananan kalmomi masu ɗaukar ɓangare

Son kai ba kasafai yake fitowa fili ba. Cikin ƴan ƙananan kalmomi yake ɓuya. Mai magana da kansa wani lokaci ba ya jin sa'ad da suka kuɓuce masa.

Ta farko ita ce "wai". In ka ce "mai gona ya ce shanu 40 ne", ka isar da saƙo. In ka ce "wai shanu 40 ne", ka nuna ba ka yarda ba. Magani shi ne ka riƙe kalma ɗaya ga kowa. In "ya ce" ka sa wa wannan, "ya ce" za ka sa wa wancan. Kada ka ce ɗaya "ya bayyana", ɗaya kuma "ya yi iƙirari" ko "ya kafe". Mai bayyanawa kamar mai gaskiya ne, mai kafewa kamar mai taurin kai.

Sai "kawai" da "har". "Jikka 15 kawai" yana nufin kuɗin sun yi kaɗan. "Har jikka 60" yana nufin sun yi yawa. Wa ya sa ka auna? Faɗi adadin tsirararsa, ka bar masu sulhu su auna.

Sai kuma "amma". Abin da ya biyo bayan "amma" shi ke cin nasara. Ku gwada ku ji: "An nome burtali, amma shanu sun ci wake." Ku juya: "Shanu sun ci wake, amma an nome burtali." Magana ɗaya ce, amma laifi ya sauya wuri. Gara ka raba su jimla biyu, kowace da mai ita.

Akwai kuma kalmar aiki. "Ya saki shanu cikin gona" yana nufin da niyya ya yi. Niyya kuwa ita ce ake gardama a kai. Abin da aka yarda da shi shi ne "shanu sun shiga gona". Haka nan "ya ci burtali" hukunci ne. Kafin a auna, abin da za ka ce shi ne "ana ja a kan iyakar gona da burtali". "Ya amsa laifinsa" ma tarko ne. Makiyayi ya yarda shanu sun shiga, bai ce ya yi da gangan ba. Faɗi abin da ya yarda da shi, kada ka ƙara masa.

Daga ƙarshe, yadda kake kiran mutane. In ka kira ɗaya "Alhaji" ko "Baba", ka kira ɗayan "wannan mutum", ka riga ka zaɓi naka. Ka girmama su daidai. Kuma kada ka ce "mu" da "su", ko "Hausawa sun ce, Fulani sun ce". Mutum biyu ne ke da magana. In ka mai da ita ta ƙabila biyu, ka ƙara wa wuta itace.

Ba baki ne kaɗai ke magana ba. In kana murmushi sa'ad da kake faɗin maganar ɗaya, kana ɗaure fuska ga ta ɗayan, jama'a suna gani. In kana kwaikwayon muryar wani ko yadda yake Hausa, ka yi masa ba'a. Tsaya inda kowa ke ganinka, ka dubi wanda kake ba labari, ka riƙe murya ɗaya daga farko har ƙarshe.

Yadda za ka gane ka yi daidai

Akwai gwaji mai sauƙi. Kana gamawa, ka juya wurin masu maganar ɗaya bayan ɗaya. Ka ce wa mai gona: "Baba, haka ka ce?" Ka ce wa makiyayi: "Baba, haka ka ce?" Ba tambayarsu kake ko sun yarda da maganar juna ba. Kowanne kana tambayarsa a kan tasa ce.

A misalinmu, makiyayi yana iya cewa: "A'a, Malam. Ban ce 5 ne ba. Cewa na yi ba su wuce 5 ba." Gaskiyarsa. "Biyar ne" daban, "ba su wuce biyar ba" daban. Mai rubutu sai ya gyara nan take a gaban kowa, ya sake karantawa. Wannan gyara ba abin kunya ba ne, shi ke sa a amince da takardar. Amma in mutum ya so ya fake da gyara ya sabunta gardama, sai ka ce: "Wannan sabuwar magana ce, za ka faɗe ta da bakinka in mai gari ya ba ka dama."

In ɗayansu bai ji Hausa sosai ba, a nemi mai fassara wanda shi ya yarda da shi, a maimaita masa da Fillanci ko da harshensa. Mutum ba ya amsa "haka na ce" ga abin da bai ji ba.

Alamar ka karkace ita ce ɓangare ɗaya yana gyaɗa kai da murna, ɗayan yana neman tashi. Alamar ka miƙe ita ce kowanne ya ji tasa ta fito yadda ya faɗe ta, ko da bai ji daɗin jin ta ɗan'uwansa ba.

Inda rashin ɗaukar ɓangare ya tsaya

Wasu suna zaton tsayawa tsakiya shi ne a raba komai biyu. Ba haka ba ne. In ɗaya ya ce 40, ɗaya ya ce ba su wuce 5 ba, kada ka ce "shanu wajen 20". Babu wanda ya faɗi haka. Ka ƙago magana ta uku ke nan. Haka nan kada ka ce "duk suna da laifi". Wannan ma hukunci ne, kuma ba naka ba ne.

Rashin ɗaukar ɓangare kuma ba ɓoye abin da ya tabbata ba ne. Da a ce an kawo yaron gaban jama'a, kowa ya ga kumburi a hannunsa, to sai ka ce: "An kawo yaron, jama'a sun ga kumburi a hannunsa." Wannan gani ne. Wanda ya buge shi kuwa, in ba a tabbatar ba, yana nan cikin "ya ce". Da a ce kuma an je an tarar da turakun siminti na iyakar burtali cikin shuka, sai ka faɗa, ko wa abin zai ɓata wa rai. Kullum ka bambanta abu uku: abin da aka gani, abin da aka yarda da shi, da abin da wani ya ce.

Zagi ba a maimaita shi. Magana zarar bunu ce. In ka sake faɗin ta, kai ka yi zagin karo na biyu, a gaban wanda bai ji na farko ba. Ya isa ka ce an yi zafafan kalmomi. Amma barazana daban take. In wani ya ce zai ƙona ruga, ko zai sari wani, wannan ba a binne shi. A sanar da mai gari da masu sulhu a fili, don su ɗauki mataki tun da wuri. In an zubar da jini ko an yi kisa, magana ta wuce sulhun ƙofar mai gari, ta zama ta jandarma da alƙali.

Akwai kuma ranar da bai kamata ka karɓi aikin ba. In mai gona ƙanen mahaifinka ne, ko shanunka suna hannun makiyayin, ka faɗa tun farko: "Ranka shi daɗe, ina da dangantaka da wane, a sa wani." In babu wani mai rubutu, a tambayi ɗaya ɓangaren ko ya yarda da kai. In kuma kana da ra'ayinka, riƙe shi. Gama ba da labari tukuna, ka zauna. In an tambaye ka daga baya, ka ce: "Yanzu ra'ayina zan faɗa, ba labarin zama ba."

Wannan tsari na gida huɗu ba na rigimar gona ba ne kaɗai. Ƴar'uwa, in kuna taron asusun mata aka yi gardama a kan bashin da ba a biya ba, wata ta iso a makare, haka za ki yi mata. Haka ake yi a taron kwamitin rijiya, da na iyayen yara a lakwal, da zaman rabon gado in wani ɗan'uwa ya iso daga tafiya.

Kalmomin da za a lura da su

Sulhu: shirya masu rigima da yardarsu, ba tare da hukuncin alƙali ba.

Burtali: hanyar da aka keɓe don dabbobi su bi tsakanin gonaki.

Taƙaitawa: faɗin muhimman abubuwa cikin ƴan kalmomi.

Ɓangare: ɗaya daga cikin masu gardama, shi da mutanensa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ne gidaje huɗu da ake raba magana cikinsu?
2. Faɗi abu 3 da mai gona da makiyayi suka yarda da su.
3. Mene ne bambancin "ya saki shanu cikin gona" da "shanu sun shiga gona"?
4. Don me ba a maimaita zagi, amma ake faɗin barazana?
5. Me dokar 1993 ta ce a yi kafin a kai rigimar gona gaban alƙali?

Aikin yi

Gyara waɗannan jimloli don kada su ɗauki ɓangare, ka rubuta su cikin kayenka:

1. Wai ita ba ta ci bashin ba.
2. Alhaji ya bayyana iyakar gonarsa, shi kuma wancan ya kafe.
3. Har jikka 20 take nema a kan akuya ɗaya kawai.

Bayan haka ku rabu uku-uku cikin aji. Mutum biyu su yi gardama ta minti 5 a kan layin ɗiban ruwa a rijiya. Na uku ya raba takardarsa gida huɗu, ya rubuta. Sannan a kira wani daga waje, mai rubutu ya ba shi labari. In ya gama, ya tambayi kowanne daga cikin biyun: "Haka ka ce?" Daga nan a tambayi wanda aka kira ko ya gane bayan wa mai rubutu yake. In bai iya ganewa ba, aiki ya yi kyau. Sai ku sauya, kowa ya taɓa zama mai rubutu.